Sikila da Ƙashi: Yadda Ake Gane Ciwon da Ya Sauya Hali

A gidan da ake da mai sikila, ciwon ƙashi ba baƙo ba ne. Uwa ta san lokutansa. Da hunturu ya kankama, ko ruwan sama ya doki yaro a hanyar makaranta, ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, sai ta fara shirin kwanan zaune. Ta san maganin da za ta ba shi, ta san yawan ruwan da za ta matsa masa ya sha, ta kuma san cewa bayan 'yan kwanaki zai tashi ya koma wasa. Wannan sabo yana da amfani, domin shi ne ke hana iyali ruɗewa. Amma yana da tasa illar. Duk ciwon da ya zo, sai a ce "ciwonsa ne ya tashi", a yi masa abin da aka saba yi, alhali kuwa abubuwa uku ne daban-daban ke faruwa a ƙashin mai sikila. Ɗaya yakan wuce da kansa. Ɗaya ba ya wucewa sai da maganin makonni, wani lokaci har da tiyata. Na uku kuma a hankali yake cin kwatangwalo, ba tare da hayaniya ba, har ya bar saurayi ko budurwa da ɗingishin da ba ya tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Ke nan da wuya a sami unguwar da wannan magana ba ta shafa ba.

Me ya sa ƙashi?

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila, idan suka rasa isasshiyar iskar numfashi, sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su riƙa mannewa a bangon ƙananan hanyoyin jini har su toshe su. Wannan yana iya faruwa a ko'ina a jiki, amma ɓargo ya fi ko'ina shan wahala. A cikin ɓargo jini a hankali yake tafiya, iskar da ke wurin kuma kaɗan ce, wato duk abin da ƙwayar ke bukata don ta lanƙwashe ya samu. Sannan ɓargon mai sikila a cike yake maƙil, yana aiki ba dare ba rana, saboda ƙwayar jinin da ke yin kwana 120 a jikin mai lafiya, a jikinsa kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu.

Idan hanya ta toshe, ɓargon da ke gabanta ya rasa jini, sai ya mutu, wurin ya kumbura. To, tsoka idan ta kumbura tana da wurin buɗawa. Ɓargo kuwa a kulle yake cikin bango mai tauri, kumburin ba shi da mafita, sai matsi ya yi ta ƙaruwa a ciki. Wannan matsi shi ne azabar da ke sa babban mutum ya yi ta birgima a tabarma. Wanda bai taɓa gani ba yakan ɗauka raki ne. Ba raki ba ne, wani yanki ne na cikin ƙashinsa ke mutuwa.

Wurin da abin ke kamawa yana sauyawa da shekaru. Jariri yana da kariya a watannin farko, saboda irin jinin da ya fito da shi daga ciki ba ya lanƙwashewa. Daga wajen wata shida kariyar take ja da baya, sai a ga bayan hannu ko na ƙafa da yatsu sun kumbura, yaro yana tsala kuka idan an taɓa. Sau da yawa wannan ce alamar farko da ke nuna akwai sikila, tun kafin a yi gwaji. Dalili shi ne a wannan shekarun har ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa suna da ɓargo mai yin jini. Idan yaro ya kai wajen shekara biyar, ɓargon ya janye daga can, ciwon sai ya koma cinya, ƙwauri, damtse, haƙarƙari da gadon baya.

Irin wannan ciwo, maganinsa sananne ne: ruwa mai yawa, ɗumi, hutu da maganin rage zafi daidai da ƙarfin ciwon, tun daga farasitamol har zuwa mofin a asibiti. Ba a ɗora ƙanƙara, domin sanyi ƙara tsuke hanyoyin jini yake yi. Yawanci cikin mako guda ciwon ya lafa. Abin da ba a jira da shi a gida shi ne ciwon da ya haɗu da nauyin ƙirji, tari ko sarƙewar numfashi.

Ƙashin da ƙwayar cuta ta shiga

Mataccen ɓargo wuri ne da jini ba ya kai wa sosai, don haka sojojin jiki ma ba sa kai wa. Ƙwayar cutar da ta samu ta sauka a nan ta sami wurin zama. Ga shi kuma saifa, wadda aikinta tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun mai sikila yana ƙarami saboda yawan toshewa. Hanji ma yana samun tasa ƙaramar toshewar, wadda ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin da ke cikinsa su tsallaka cikin jini. Shi ya sa Salmonela, dangin ƙwayar da ke kawo taifot, wadda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, ƙwai ko kazar da ba ta dahu ba, ta yi suna wajen kama ƙashin masu sikila, abin da ba kasafai take yi wa sauran mutane ba. Ɗaya ƙwayar ita ce Istafilokokus, mai zama a fata, wadda ke kawo maruru. Ita kuma ta gyambo, tsagar wanzami ko allurar da aka yi ba tsabta take shiga.

Matsalar ita ce a kwanakin farko wannan cuta da ciwon da aka saba kamarsu ɗaya. Duka biyun suna kawo zafi, kumburi da ja, duka biyun suna iya zuwa da zazzaɓi, kuma gwajin jini na yau da kullum yana iya tashi a duka biyun. Ciwon toshewa ya fi yawa nesa ba kusa ba, har likitoci kan ce ya ninka na ƙwayar cuta wajen sau hamsin. Wannan ne ma ke sa hankali ya kwanta a inda bai kamata ba.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara tara mai SS, wanda ya wayi gari da ciwo a ƙwaurin dama. An ba shi abin da aka saba. Kwana uku ciwon bai motsa daga wurin ba. A da, idan ciwonsa ya tashi, yakan ce ƙafafu biyu da baya, yau nan gobe can. Wannan karon da yatsa ɗaya yake nuna wurin, ƙasa da gwiwa kaɗan, wurin ya kumbura ya yi zafi, jikinsa kuma ya kai 39 a ma'aunin zafi, ya sauka da farasitamol ya sake hawa. Waɗannan su ne abubuwan da ke karkata zato zuwa ga ƙwayar cuta: wuri guda, kumburi mai ƙaruwa, zazzaɓi mai naci, da ciwon da ya wuce kwanakin da ya saba yi. Tun ranar farko ma ya kamata a ce yana asibiti, domin ƙa'idar ita ce duk mai sikilar da zafin jikinsa ya kai 38.5, a ranar likita zai gan shi.

A asibiti, abu na farko shi ne a ɗibi jini a kai ɗakin gwaji a shuka shi, a ga ko wata ƙwaya za ta tsiro. Dole a yi wannan kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Nan ne kyamis ɗin unguwa ke ɓata aiki ba da niyya ba: kwana biyu na kafso sun isa su hana ƙwayar fitowa a gwaji, amma ba su isa su kashe ta a cikin ƙashi ba. Sai likita ya koma lalube a duhu.

Za a yi hoton eksire, kuma mai yiwuwa ya fito lafiya lau. Iyaye da yawa a nan suke sakin jiki. Amma ƙashi sai ya yi kwana 10 zuwa 14 yana lalacewa kafin eksire ya nuna, don haka hoto mai kyau a makon farko bai wanke kowa ba. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ya fi amfani a wannan lokaci, ga shi da sauƙin kuɗi. Yana iya nuna ruwa ya taru tsakanin ƙashi da fatar da ke lulluɓe da shi. Idan an gani, sai likita ya sa allura ya zuƙo. In mugunya ce, magana ta ƙare, kuma ita kanta za a kai gwaji don a san ƙwayar da maganin da take ji. Hoton MRI ya fi duka gani, sai dai tsada, kuma ko shi ba kullum yake iya raba gardamar ba.

Maganin yakan fara da allura ta jijiya, wanda zai kama duka ƙwayoyin biyu, kamar seftiriyazon tare da wani maganin Istafilokokus, daga baya a daidaita shi da sakamakon gwaji. Gaba ɗaya mako huɗu zuwa shida ake yi, wani lokaci fiye. In mugunya ta taru, sai an shiga tiyata an fitar da ita. Yaron misalinmu zai ji sauƙi cikin mako guda, zazzaɓi ya tafi, ya fara neman abinci. A nan ne jarabawar take, domin kuɗi sun ƙare, an gaji da zaman asibiti, yaro kuma ga shi yana dariya. In aka yanke magani a nan, bayan 'yan watanni sai wata 'yar ƙofa ta buɗe a ƙwaurin tana tsiyayar ruwa, ta rufe, ta sake buɗewa. Abin da ya faru shi ne wani guntun ƙashi ya mutu a ciki, sabon ƙashi ya kewaye shi, ƙwayoyin cuta kuma sun ɓuya a cikinsa inda magani ba ya isa. Wannan ba ya warkewa da wankin ciwo, ko sakiya, ko ƙulle-ƙullen magani. Sai likitan ƙashi ya buɗe ya ciro mataccen guntun.

Kwatangwalo

A saman ƙashin cinya akwai wani dunƙulallen kai mai santsi, wanda ke juyawa cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. Duk nauyin mutum a kansa yake sauka idan yana tafiya. Amma jinin da ke ciyar da shi kusan duka ta wasu 'yan siraran hanyoyi yake hawa, waɗanda ke bin wuyan ƙashin, kuma in suka toshe babu wata hanyar kirki da za ta maye gurbinsu. Sai wani yanki na kan ƙashin ya mutu.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne mutuwar ba ta bayyana nan take. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan yana nan da ransa, saboda shi daga ruwan gaɓa yake samun abinci. Kamar rufin soro ne da gara ta cinye azararsa: daga waje yaɓe sumul, ana ta hawa ana shanya, har ranar da zai rufta. Mataccen ƙashi ba ya gyara kansa, ƙananan tsagewar da tafiyar yau da kullum ke jawowa sai su yi ta taruwa, har kan ya lotsa. Da zarar ya lotsa, ba ya komawa dunƙulallensa, kuma daga nan yake fara goge gurbin da yake ciki.

Abin ba kaɗan ba ne. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1991, wanda ya bi masu sikila fiye da 2,500, ya nuna cewa matsalar tana ƙaruwa da shekaru, har ana lissafin kusan rabin masu SS suna da ita kafin su kai shekara 35. Kusan rabin waɗanda hoto ya nuna suna da ita a lokacin ba su ma fara jin ciwo ba. Masu SC kuma, waɗanda ake yawan samu a arewacin Gana da Burkina Faso, ake kuma cewa tasu sikilar mai sauƙi ce, ba su tsira ba. Wani ma ciwon kwatangwalo ne ke fara kai shi gwajin da zai gaya masa yana da SC.

Ciwonsa daban yake da wanda aka saba. Ba ya zuwa da ƙarfi ya tafi. Nauyi ne a matsematsi, ko a ɗuwawu, ko gaban cinya, wanda ke tashi idan an yi tafiya ko an hau bene, ya lafa idan an zauna. Wani a gwiwa kaɗai yake jin sa, saboda jijiyar da ke kai saƙo daga wuraren biyu ɗaya ce, sai a yi ta shafa wa lafiyayyar gwiwa man zafi. A rayuwarmu alamun da wuri suke fitowa ga mai lura, domin mu mutane ne masu zaman ƙasa. Budurwar da ta daina tanƙwashe ƙafa a tabarma, ta koma miƙe ƙafa ɗaya wajen zaman tahiya. Saurayin da tsugunno a masai ya zame masa aiki, ko yake ɗaga ƙafa da hannu kafin ya hau babur. Daga baya ɗingishi ya zo, ciwon ya fara tashin mutum cikin dare, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Likita yakan kwantar da mutum rigingine, ya naɗe gwiwa, ya murɗa cinyar zuwa ciki. Wannan juyin shi ne ke fara ƙagewa. Sai a yi eksire iri biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya an buɗe cinyoyi. A matakin farko eksire ba ya nuna komai, MRI ne kaɗai ke gani. A na biyu ƙashin ya fara dabbare-dabbare amma kan yana dunƙule. A na uku wani siririn layi mai lanƙwasa ya bayyana a ƙarƙashin guringuntsi, alamar ruftawa ta fara. A na huɗu gaɓar gaba ɗaya ta lalace. Duk abin da ake iya yi don ceton kwatangwalon mutum na asali, a mataki na ɗaya da na biyu yake. Ra'ayina shi ne, in iyali za su yi ƙoƙarin kuɗin MRI sau ɗaya, to a nan ya fi cancanta: mai sikilar da ya yi makonni da ciwon matsematsi, eksire kuma ya ce babu komai. A kuma duba ɓangarorin biyu, domin sau da yawa ɗayan ma ya kamu, bai dai fara magana ba.

Kafin ruftawa, ana rage wa ƙafar nauyi da sandunan dogarawa, a kuma shiga sashen gashin ƙashi don a ƙarfafa tsokar ƙugu, gaɓar kuma kada ta sandare. Matasa sun tsani sandunan, musamman 'yan mata, saboda idon jama'a da maganar aure. Ana fahimtar wannan, amma sandar watanni ta fi ɗingishin shekaru sauƙi. Akwai kuma tiyatar da ake huda ƙashin har zuwa mataccen wurin don a rage matsi, sabbin hanyoyin jini su samu shiga, wani lokaci a zuba ɓargon mutumin da aka ɗebo daga ƙugunsa. Kada a ɗauke ta a matsayin tabbas. Wani gwaji da aka buga a 2006 a kan masu sikila ya kwatanta waɗanda aka yi wa hudar tare da gashi da waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, bayan kimanin shekara uku ba a ga bambancin kirki ba, ko da yake mutanen da aka gwada ba su da yawa. A ƙananan yara kuwa akwai ɗan sassauci, domin ƙashin da ke girma yana iya sake gina kansa fiye da na babba.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa wuta fetur. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" sau da yawa suna ɗauke da deksametazon, kuma irin wannan magani shi kaɗai yana kashe kan ƙashin cinya ko a jikin wanda ba shi da sikila. Mai sikila ga shi siriri, ga gorin mutane, don haka shi ne ya fi saurin faɗawa. Allurar fenta da wasu ke yi wa kansu a cinya tana mayar da tsoka tauri kamar itace, ta buɗe gyambo, ta kai ƙwayar cuta har ƙashi. Diklofenak da ibufurofen na kullum suna cin ƙoda, wadda dama sikila ta riga ta raunana. Maɗori kuma, duk gwanintarsa a karaya, ba shi da abin da zai ɗora a nan, ja da murɗa sai dai su gaggauta ruftawar. Shi kuwa haidroksiyuriya, wanda bincike a 1995 ya nuna yana rage yawan tashin ciwo da kusan rabi, magani ne na gaske da ya kamata a tattauna da likitan jini a kansa, sai dai ba ya tayar da ƙashin da ya riga ya mutu.

Idan kan ya rufta, ciwo ya hana barci da neman abinci, abin da ya rage shi ne sauya gaɓar. A yanke mataccen kan, a dasa na ƙarfe ko na tangaran, a sa sabon gurbi. Ana yin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu asibitocin koyarwa, kuma yana kawar da ciwo sosai, har wanda ya shekara a zaune ya koma kasuwa. Amma a jikin mai sikila aikin ya fi wuya. Ramin ƙashin cinya yakan toshe da tabon tsofaffin ciwuka, sai an sassaƙe shi a hankali don kada ya tsage. Haɗarin ƙwayar cuta ya fi yawa, shi ya sa ake bincikar duk wani gyambo, ruɓaɓɓen haƙori ko tsohon ciwon ƙashi kafin a shiga. Yawanci akan yi ƙarin jini tukuna, a kai ma'aunin jinin wajen 10, a kuma kula da ɗumi, ruwa da iskar numfashi don kada ciwon ƙirji ya biyo bayan tiyata. Ke nan ba aikin likitan ƙashi ba ne shi kaɗai, sai da likitan jini a gefensa da ma'ajiyar jini mai aiki.

Kuɗin ya kai miliyoyin naira, kuma gaɓar da aka dasa tana da wa'adi, galibi shekara 15 zuwa 20 ko fiye. Wanda aka yi wa yana da shekara 25, ya sa a ransa akwai yiwuwar a sake buɗewa wata rana, aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya da tsada. Bayan tiyata akwai makonnin da ba a tsugunno, ba a harɗe ƙafa, ba a zama a ƙaramar kujera, don kada sabon kan ya goce daga gurbinsa. Don haka tun kafin ranar aiki gida ke tanadar masai na zama, gado mai ɗan tsayi da kujerar da za a riƙa salla a kai, har likita ya ba da izinin sauka ƙasa.